Yatsuna suna sandarewa da safe har hantsi: irin ciwon gwiwar mahaifiyata ne?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, ina ɗinki a gida a Kano, kuma ina goyon wata shida. Wata huɗu ke nan idan na tashi da asuba yatsun hannuwana duka biyu da wuyan hannu sun sandare, ko buta ba na iya riƙewa da kyau, ba sa saki sai wajen ƙarfe tara. Zobena ma ya daina shiga. Mahaifiyata tana da ciwon gwiwa shekara da shekaru, ta ce amosani ne irin nata na gada, wasu kuma sun ce sanyin jego ne. Ina shan haɗin magani na kemis, yana lafawa ya dawo. Ciwonmu ɗaya ne da ita? Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba ki lafiya. Da wuya ciwonku ya zama ɗaya da na Hajiya, kuma ba na so ki ƙara wata guda a kan maganin kemis kafin likita ya taɓa hannuwan nan ya duba. Ga dalilina.

A bakinmu duk ciwon gaɓa amosani ne ko sanyin ƙashi, amma a asibiti muna fara raba shi gida biyu. Gaɓa wuri ne da ƙashi biyu suka haɗu. Kan kowanne yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, sannan akwai wata jaka da ta kewaye su, cikinta shimfiɗe da wani siririn tantani da ke fitar da ɗan ruwa mai yauƙi domin motsi ya tafi sumul. A gida na farko guringuntsin ne ke zaizayewa a hankali saboda shekaru, nauyin jiki, aikin ƙarfi ko tsohon rauni, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri ya fitar da ƙulli a gefe. Wannan shi ne amosanin zaizaya, wanda likitoci ke kira ostiyo'ataraitis, kuma mafi yawan ciwon gwiwar iyayenmu shi ne. A gida na biyu matsalar daga tantanin nan take farawa. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ta juya ta far wa tantanin, ya kumbura ya yi kauri, ya cika jakar da ruwa, daga baya ya soma cin guringuntsi da gefen ƙashi. Wannan shi ne amosanin kumburi, kuma wanda ya fi yawa a cikin irinsa shi ne rumatoyid. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, kuma ba ya jiran tsufa.

Abin da agogo ke gaya mana

Mai zaizaya ma yana tashi da riƙewar gaɓa, shi ya sa ake rikita su. Bambancin yana cikin tsawon lokacin da kuma abin da motsi ke yi wa gaɓar. Ki lura da Hajiya gobe: za ta tashi gwiwa a riƙe, ta ɗan taka zuwa wurin alwala, kafin minti goma ko sha biyar ta saki. Da wuya abin ya wuce rabin awa. Wahalarta tana zuwa ne da yamma bayan ta yini tana kai da kawo, ko lokacin miƙewa daga sujada, ko hawan matakala, kuma idan ta zauna ta huta sai ta ji sauƙi. Idan ta daɗe a zaune gwiwar ta sake riƙewa na 'yan mintoci, ta taka ta saki.

Naki ya juya wannan tsarin. Hutu ne ke ƙara shi, motsi ke rage shi. Dalili kuwa, cikin dare da gaɓa ba ta motsi, ruwan kumburi yana taruwa a cikin jakar da naman da ke kewaye da ita. Haka kuma sinadaran da ke rura kumburi suna ƙaruwa a jini a ƙarshen dare zuwa asuba, bayan sa'o'in da sinadarin kotizol, wanda jiki ke kwantar da kumburi da shi, ya yi ƙasa sosai. Sai mutum ya farka hannu kamar an ɗaure shi, ba ya dunƙulewa, sai ya yi awa ɗaya, biyu, wani lokaci har azahar yana murza shi kafin ruwan ya janye. Daga asuba zuwa ƙarfe tara awa uku ne ko fiye. Zaizaya ba ta yin haka.

Ma'aunin awa ɗaya ɗin nan yana da asali. A 1987 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta sa shi cikin alamomi bakwai da ake gane rumatoyid da su, da sharaɗin ya kai mako shida ana fama. A 2010 da suka sabunta ƙa'idar tare da takwarorinsu na Turai sun cire shi daga lissafin maki, suka dogara a kan yawan gaɓoɓin da suka kamu, gwajin jini da tsawon lokacin ciwon. Ba don alamar ta daina amfani ba, sai don ita kaɗai ba ta isa hujja. Na ga masu rumatoyid na gaske da sandarewarsu ba ta wuce minti arba'in, na kuma ga masu ciwon jiki na rashin barci da damuwa, ko masu ƙarancin sinadarin tayiroid da wata ƙwaya a wuya ke fitarwa, da ke cewa suna yini a sandare alhali gaɓoɓinsu lafiya lau. Saboda haka awa ɗaya tana sa in tashi in duba da kyau, amma abin da ke yanke hukunci shi ne kumburin da yatsana zai ji a gaɓar.

Wace gaɓa ce, kuma yaya take a taɓi

A nan zoben da ya daina shiga ya fi min duk sauran bayanin nauyi. Ki shimfiɗa hannunki ki duba. Kowane yatsa, ban da babba, yana da gaɓa uku: ta tushe inda ya haɗu da tafin hannu, ta tsakiya, da ta kusa da farce. Rumatoyid yana son ta tushe da ta tsakiya da wuyan hannu, da kuma tushen yatsun ƙafa, kuma yakan kama dama da hagu tare. Kusan kullum yana ƙyale ta kusa da farce. Zaizaya kuwa ta kusa da farcen take fara kamawa, da ta tsakiya, da gindin babban yatsa, sannan gwiwa, ƙugu, wuya da ƙasan baya, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya.

Taɓi ma ya bambanta. Ƙullin da ke yatsun tsofaffi kusa da farce tauri gare shi kamar tsakuwa, domin ƙashi ne. Kumburin rumatoyid laushi gare shi, kamar kin danna ƙullun fulawa, wani lokaci da ɗan ɗumi. Idan lafiyayye ya dunƙule hannu za ki ga tudu da kwari a tushen yatsu, a hannun mai kumburi kwarin ya cike. Akwai ɗan gwajin da nake yi wa kowa, ke ma za ki iya: ki sa ɗaya hannun ki matsa tushen yatsu huɗun nan daga gefe zuwa gefe, da ƙarfin gaisuwa kawai. Ki yi haka a tushen yatsun ƙafa. Idan ya yi zafin da ya sa kika janye, alama ce ta kumburi. Masu wannan ciwo da yawa sukan ce min takun farko da safe kamar a kan tsakuwa suke yi.

Amosanin kumburi kuma ciwon jiki duka ne. Yakan zo da gajiyar da barci ba ya kawar da ita, rashin cin abinci, rama, ƙarancin jini, ɗan zazzaɓi da ake ta sha wa maganin maleriya a banza. Mai zaizaya gwiwarsa ce ke ciwo, sauran jikinsa garau.

Maganar sanyin jego kuma, waɗanda suka faɗa sun lura da abu na gaskiya, fassarar ce ta kauce. Lokacin ciki garkuwar jiki takan lafa, har mata da yawa masu rumatoyid su ji sauƙi. Bayan haihuwa sai ta farfaɗo, kuma watannin farko na jego sanannen lokaci ne da ciwon ke fara bayyana ko ya tashi. Ba ruwan sanyi da kika taɓa ba ne, ba kuma don an gajarta wankan jego ba. Ruwan ɗumi yana sassauta sandarewar na ɗan lokaci, ki ci gaba da jiƙa hannu a ciki da safe, amma ba ya taɓa tushen ciwon. Akwai dai wasu abubuwa biyu da masu jego ke samu a hannu waɗanda ba amosani ba ne: zafin jijiyar gindin babban yatsa saboda ɗaukar jariri, da mutuwar yatsu cikin dare saboda matsewar jijiya a wuyan hannu. Likita zai tantance su, sai dai ba su saba kumbura gaɓoɓin tsakiyar yatsu ba.

Wata mata da na duba

Akwai wata baiwar Allah mai sana'ar abinci, shekarunta kusan arba'in, da ta zo wurina bayan shekara uku da fara irin abin da kika kwatanta. Abin da ya kawo ta ma ba hannu ba ne, ciwon ciki ne da baƙin bayan gida. Da na ce ta nuna min abin da take sha sai ta kwance ƙullin leda: ƙwayoyi biyar a haɗe, babu suna babu kwali. A ciki muka gane deksametason, mai aiki irin na kotizol, da magungunan zafi biyu, diklofenak da fairoksikam. Kullum take sha, domin ranar da ta tsallake ba ta iya tuƙa tuwo. Fuskarta ta yi zagaye, 'yan'uwa suna yi mata barka da ƙiba, alhali aikin deksametason ne. Sugan jininta ya hau, hawan jini ya shigo, magungunan zafi biyu da ta haɗa sun yi mata gyambon ciki mai zubar da jini.

Da na duba hannuwan, wuyan hannu biyu sun kumbura kuma na dama ya kusa daina lanƙwasawa, gaɓoɓin tushe da na tsakiya takwas sun kumbura, yatsun sun fara karkata zuwa wajen ƙaramin yatsa. Gwajin jini na ESR mai auna kumburi ya haura 70, na anti-CCP mai nuna rumatoyid ya fito da yawa, hoton hannu ya nuna gefen ƙasusuwan ya ciccinye. Muka fara da cikin. Deksametason ɗin kuma ba mu yanke shi rana ɗaya ba, muka mayar da ita kan ɗan'uwansa firedinisolon muna ragewa a hankali, domin jikin da ya saba samunsa daga waje yakan daina yin nasa kotizol, yankewa farat ɗaya na iya jefa mutum cikin suma har da rasa rai. Bayan jininta ya daidaita, mun duba hanta da ƙoda, muka sa ta a kan metotireksat, maganin da ke tsayar da ciwon kansa. Cikin wata uku sandarewar safe ta sauko daga awa uku zuwa kamar minti ashirin, ta koma sana'arta. Amma wuyan hannun dama bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba, domin ƙashin da kumburi ya ci ba ya sake tsirowa.

Abin da ke ci min rai a irin wannan shi ne maganin kemis ɗin yana aiki. Zafi yana tafiya da gaske, shi ya sa mutum ba ya ganin dalilin zuwa asibiti, ɓarna kuwa tana ci gaba a ƙarƙashi. Cin ƙashin yana iya farawa tun cikin shekarar farko zuwa ta biyu, kuma wanda aka fara wa maganin da ya dace cikin wata uku zuwa shida na farko ya fi samun damar ciwon ya kwanta gaba ɗaya. Ke kina wata na huɗu.

Gwaje-gwaje da yadda ake karanta su

Sunaye huɗu za ki gani a takardar gwaji. ESR da CRP suna auna ko akwai kumburi a jiki, ba sa faɗin daga ina yake, kuma ƙarancin jini kaɗai yana iya ɗaga ESR. RF, gwajin da ke neman alamar rumatoyid a jini, yana fitowa a wajen kashi 70 cikin ɗari na masu rumatoyid, amma yana fitowa a masu ciwon hanta na B da C, da masu tarin fuka, da wasu tsofaffi lafiyayyu, abin da ya sa a ƙasarmu ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai. Anti-CCP ya fi shi tabbas, idan ya fito da wuya a ce kuskure ne, sai dai ya fi tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a ce wa mutum RF bai nuna komai ba, don haka ba shi da ciwon. Akwai masu rumatoyid da gwajin biyu duka ba sa nunawa. Haka hoton ƙashi, a watannin farko yakan fito lafiya, domin kumburin yana tantani ne, hoton kuma ƙashi yake gani.

Za a kuma so a duba yawan jini, hanta, ƙoda, fitsari, ciwon hanta na B da C da ƙanjamau. Dalili biyu ne: wasu daga cikinsu suna kawo ciwon gaɓa da kansu, kuma dole a san matsayinsu kafin a fara magani. A shekarunki likita zai tambaye ki zubewar gashi, gyambon baki, ƙuraje a fuska, kumburin ƙafa ko ɓarin ciki a baya, saboda lufus, wata cutar da garkuwar jiki ke far wa jiki, tana iya farawa da hannu kamar haka kuma tana taɓa ƙoda. Daga nesa ba zan iya raba miki waɗannan ba, sai an gan ki.

Magani, da abin da goyo ya canza

Tun da tushen ya bambanta, magani ma ya bambanta. Na Hajiya ya dogara ne a kan ƙarfafa naman cinya da rage nauyi, domin kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Sai sanda, yin sallah a kujera ranar da ta matsa, maganin zafi na shafawa kafin na haɗiya, allura a gaɓar wani lokaci, a ƙarshe kuma aikin canza gwiwa ga wanda ta lalace. Babu ƙwayar da ke mayar da guringuntsin da ya tafi.

Naki, idan ya tabbata, akwai magungunan da ke tsayar da ciwon kansa. Jigonsu metotireksat, kuma sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba. Yawanci ƙwayar miligiram 2.5 ce, a fara da huɗu zuwa shida a rana ɗaya tsayayya, a ƙara a hankali har miligiram 25 idan da buƙata, tare da folik asid a wata ranar. Shan sa kullum bisa kuskure yana durƙusar da ɓargo kuma ya kashe mutane, haɗa shi da Seftirin ma haɗari ne babba. Yana ɗaukar mako shida zuwa sha biyu kafin a ga aikinsa, a nan ne mutane ke yanke ƙauna su koma kemis, shi ya sa mukan haɗa da ɗan firedinisolon na gajeren lokaci a matsayin gada, muna gwajin jini akai-akai.

Amma ke kina shayarwa, kuma ba a ba mai shayarwa ko mai ciki metotireksat, yana illata ɗan tayi. Wannan ba dalilin jira har yaye ba ne. Haidiroksikilorokwin da salfasalazin da ƙaramin firedinisolon duk ana bayar da su lokacin goyo bisa kulawar likita. Idan ba su wadatar ba, sai ku zauna da likita da maigida a yi maganar lokacin yaye da tazarar haihuwa, domin mai shan metotireksat sai ta daina shi da watanni kafin ta ɗauki ciki. Ki faɗa wa likita kina goyo tun kafin ya tambaya.

A makon nan ki je asibiti ki nemi a tura ki sashen likitocin cikin jiki na asibitin koyarwa, ki ce kina son ganin likitan gaɓoɓi. A Kano Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne ya fi miki kusa. Ki tafi da haɗin maganin nan a ledarsa. Idan kin fi mako uku kina shan sa kullum kada ki yanke shi da kanki, kada kuma ki sayi sabon haɗi, ki kai shi a duba ko da deksametason ko firedinisolon a ciki. Kafin ranar, ki riƙa rubuta lokacin da kika tashi da lokacin da hannun ya saki, ki ɗauki hoton yatsun da safe, domin zuwa lokacin da layi zai iso kanki kumburin ya ɗan faɗa. A bar tsaga da ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura, hanya ce ta shigar ƙwayar cuta. Ɗinki kuma ba sai kin ajiye ba, ki mayar da yanka da almakashi zuwa bayan hantsi lokacin da hannun ya saki, ki riƙa hutawa a tsakani.

Akwai abin da ba ya jiran layin asibitin ƙwararru. Idan gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, kika kasa motsa ta, musamman da zazzaɓi, wannan yana iya zama ruwa a gaɓa daga ƙwayar cuta, kuma yana lalata ta cikin kwanaki. Haka baƙin bayan gida, aman jini, kumburin fuska da ƙafa, jan ido mai zafi ko sarƙewar numfashi. Duk wanda kika gani a cikinsu, ki tafi sashen gaggawa a ranar.